An ce bugun zuciyar Mama lafiya lau, amma kuma an ce zuciyar ta gaza

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata shekarunta 74, tana da hawan jini fiye da shekara 20, ga ciwon suga, kuma tana da jiki. Yanzu ko taku kaɗan ta yi sai haki, ƙafafunta na kumbura, da dare sai an tara mata filo uku. An yi mata hoton zuciya, a takardar an rubuta EF 60%. Likita ɗaya ya ce zuciyar na bugawa da kyau, wani kuma ya ce tana da gazawar zuciya. An ba ta maganin fitsari, kumburin ya sauka, sai jiri ya kama ta, gwajin ƙoda kuma ya hau. Wanne ne gaskiya a cikinsu, kuma me ya sa aka kasa samun maganin da zai zauna mata?

Amsa:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ban duba ta da hannuna ba, don haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitan da ke ganinta ba. Amma bisa bayaninki, ina ganin duka likitocin biyu gaskiya suka faɗa, kowanne ya kalli ɓangare ɗaya ne na aikin zuciya.

Mu fara da lambar nan ta EF, domin ita ce ta haɗa ruɗanin. Ɗakin ƙasa na hagu na zuciya, wanda ke tura jini zuwa duk jiki, aiki biyu yake yi a kowane bugu: ya saki jiki ya cika, sannan ya matse ya fitar. EF tana auna na biyun ne kawai, wato kashi nawa cikin 100 na jinin da ke cikin ɗakin bayan ya cika aka fitar. A lafiyayyen mutum ɗakin zai ɗauki kamar mililita 120, ya fitar da 70, EF ta kama 58 ke nan. A irin gazawar zuciyar da mutane suka fi sani, ɗakin ya buɗe ya yi laƙwas, ya ɗauki 200 ya fitar da 60, EF ta faɗi zuwa 30, kowa ya ga takardar ya san akwai matsala. To, ki ɗauka na Mama ya yi kauri, cikinsa ya ƙuntata, mililita 85 kawai yake ɗauka, ya fitar da 51. Idan kika raba 51 da 85 za ki samu 60 cikin 100. Lamba ta yi kyau a takarda, alhali jinin da ya fita bai kai na wancan mai EF 30 ba. Waɗannan alƙaluman misali ne na ba ki, ba nata ba ne, amma sun nuna inda lambar take yaudara.

Abin da EF ba ta faɗa ko kaɗan shi ne da wane irin ƙarfi aka cika ɗakin. Ki kwatanta sabuwar jakar fata mai laushi da wadda ta bushe ta ƙandare. Mai laushin kina zuba ruwa tana buɗewa. Busasshiyar sai kin danna, kuma ɗan ƙari kaɗan sai ruwan ya dawo miki. Zuciya mai laushi tana cika da matsin da bai wuce 12 ba a ma'aunin mmHg, irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Mai tauri sai matsin ya kai 20 ko 25 kafin ta karɓi jinin da ake buƙata. Wannan matsin ba ya tsayawa a wurin, baya yake komawa: daga ɗakin ƙasa zuwa ɗakin sama na hagu, daga nan zuwa jijiyoyin huhu. Idan ya yi yawa sai ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin huhun, numfashi ya yi nauyi. Da ta kwanta, ruwan da ya taru a ƙafafu da rana sai ya komo cikin jini, zuciyar kuma ba ta da wurin ajiye shi, shi ya sa take neman filo uku. Ƙoda kuma, da ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta riƙe gishiri da ruwa, kumburi ya ƙaru. Sunan wannan yanayi a takardun asibiti HFpEF, ana kiransa haka idan EF ta kai 50 ko ta wuce amma ga alamun gazawar zuciya da shaidar cewa matsin cikawa ya hau. Kusan rabin duk masu gazawar zuciya wannan nau'in ne da su, kuma mata tsofaffi sun fi yawa a ciki.

Dalilin da ya sa ya fi kama tsofaffi shi ne taurin zuciya abu ne da ke taruwa a hankali, shekara bisa shekara. Ko mutum ba shi da wata cuta, tsufa yana rage ƙwayoyin tsokar zuciya, waɗanda suka rage su ƙara kauri, tsakaninsu kuma wani zare mai tauri irin na tabo ya riƙa yawa. Sakin jikin da zuciya ke yi bayan ta matse ma aiki ne mai cin ƙarfi, domin sai kowace ƙwayar tsoka ta kwashe sinadarin kalsiyam ta mayar da shi ma'ajiyarsa kafin ta saki, kuma wannan kwashewar tana yin nawa da shekaru. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ita ma tana ƙandarewa. Shi ya sa za ki ga awon tsoho 165 a sama, 70 a ƙasa: lambar sama ta hau, ta ƙasa ta sauka, tazara ta yi faɗi. Zuciyar da ke tura jini cikin bututu mai tauri dole ta yi kauri, kamar yadda dantsen mai ɗaukar kaya yake yi. Sai dai kaurin dantse ba ya hana shi aiki, na zuciya kuwa yana cinye sararin da jini zai zauna.

Yanzu ki ɗora shekara 20 na hawan jini a kan wannan. Ki ƙara suga, wanda ke manne wa zaren nan yana ƙara masa tauri, yana kuma lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar. Ki ƙara ƙiba, wadda ke ƙara yawan jinin da zuciya za ta juya, kitsen da ya kewaye ta yana matse ta daga waje, kitsen ciki kuma yana sakin sinadaran da ke sa jijiyoyi cikin wani ƙaramin kumburi da ba ya ƙarewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kawo ciwon a dare ɗaya. Mai shekara 45 yana iya ɗauke da su duka bai ji komai ba, sai ya kai 70 lissafin ya cika.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe, domin shi ke bayyana dalilin da tsoho zai wayi gari lafiya, kafin dare a kwashe shi zuwa asibiti. Zuciya mai tauri ta dogara da abu biyu don ta cika: lokaci, da turin ƙarshe da ɗakin sama ke yi. Idan tana bugawa sau 60 a minti, kowane bugu yana da daƙiƙa ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na wannan daƙiƙar na cikawa ne. Idan bugun ya kai 120, lokacin cikawar sai ya koma kamar rubu'in daƙiƙa. Zazzaɓi, ciwon huhu, ƙarancin jini, duk suna iya jawo hakan. Shi kuma ɗakin sama, a matashi ɗan abin da yake ƙarawa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, a tsoho mai taurin zuciya yana iya kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Shekarun da ya yi yana turi da ƙarfi suna sa ya buɗe, daga nan sai ya daina matsewa, ya koma karkarwa kawai. Wannan shi ne abin da ake rubutawa AF, bugun da ba shi da tsari. Ranar da ya fara, zuciyar ta rasa turin, ga kuma gudu ya cinye lokacin. Ki sa yatsu a wuyan hannun Mama na minti ɗaya. Idan bugun yana tafiya babu tsari sam, wani kusa wani nesa, ki gaya wa likita a yi mata gwajin ECG, mai nuna tsarin bugun zuciya, domin AF yana buƙatar maganin tsinka jini saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Wahalar farko a wannan ciwo ita ce tabbatar da shi. Tsohuwa mai jiki da ke haki, kowa sai ya ce ai tsufa ne, ko nauyi ne ya yi mata yawa. Gwajin jinin da muke dogara da shi, NT-proBNP, yana hawa idan bangon zuciya ya miƙe, kuma ƙasa da 125 yawanci yana sa a cire gazawar zuciya daga zargi. Amma a masu ƙiba lambar tana fitowa ƙasa da yadda ya kamata, har a sallami mai ciwon a ce lafiyarsa ƙalau. A mai AF ko ciwon ƙoda kuma tana hawa ko da ba wannan ba ne. Saboda haka likitocin asibitin Mayo Clinic da ke Amurka suka fitar da wani lissafi a 2018 mai suna H2FPEF, mai maki 9. Bari mu gwada shi a kan Mama. Shekaru sama da 60, maki 1. Idan tana shan maganin hawan jini iri biyu ko fiye, maki 1. Idan BMI ɗinta, wato awon nauyi gwargwadon tsayi, ya wuce 30, maki 2. Misali mai kilo 88 da tsayin mita 1.60 tana da 34. Mun samu 4 tun ba mu buɗe takardar hoton ba. A cikin takardar ki nemi E/e', wanda ke ƙiyasta matsin cikawa: idan ya wuce 9, maki 1. Matsin jijiyar huhu idan ya wuce 35, maki 1. AF shi kaɗai maki 3 ne. Wanda ya kai 6, yiwuwar yana da ciwon ta haura 90 cikin 100. Wanda ya tsaya a tsakiya, wani lokaci sai an auna shi yana motsa jiki, domin akwai waɗanda matsinsu daidai yake a kwance, sai sun fara tafiya ya yi sama. A ganina, takardar hoton da ta kawo EF kaɗai, babu kaurin bango, babu girman ɗakin sama, babu E/e', ba ta amsa tambayar da aka je yi ba, kuma kina da hakkin ki nemi cikakken rahoto.

Sai batun magani. A nau'in da EF ta faɗi muna da magunguna rukuni huɗu da aka tabbatar suna tsawaita rai. An ɗauko su an gwada a masu irin ciwon Mama, aka yi ta cin karo da bango. Candesartan a 2003, perindopril a 2006, irbesartan a 2008, babu wanda ya cimma abin da aka sa a gaba. Gwajin spironolactone mai suna TOPCAT a 2014 ya zo da rikici: gaba ɗaya bai yi nasara ba, amma da aka duba sai aka ga marasa lafiyar da aka ɗauka a Rasha da Jojiya ba su cika kwanciya asibiti ko mutuwa ba ko da maganin ko babu, abin da ya sa ake shakkar ko da yawansu suna da ciwon ma, waɗanda aka ɗauka a nahiyar Amurka kuwa sun nuna alamar amfana. Sacubitril/valsartan a 2019 ya kusa, bai kai ba.

Dalilin, a fahimtata, shi ne waɗancan magungunan an yi su ne don hana raunanniyar zuciya ci gaba da buɗewa, ita kuwa wannan ba buɗewa take yi ba, kuma har yau babu ƙwayar da ke mayar da tabo ya zama tsoka mai laushi. Ƙari a kan haka, sunan HFpEF laima ce da ta rufe mutane daban-daban. Mai ƙiba da suga, da siririyar tsohuwa mai AF, da mai ciwon ƙoda, alamunsu ɗaya amma abin da ya kai su can ba ɗaya ba ne, sai ya zama maganin da ya taimaki wannan bai taɓa wancan ba. Hakin ma ba daga zuciya kaɗai yake ba: tsokar ƙafafu ta yi rauni, jijiyoyi ba sa buɗewa yadda ya kamata, a wasu kuma bugun zuciya ba ya iya ƙaruwa idan suna tafiya. Irin waɗannan na ƙarshe idan aka ba su maganin rage gudun zuciya kamar atenolol ko bisoprolol ba tare da wani dalili na daban ba, gajiyarsu ƙaruwa take yi.

Abin da ya sami Mama da maganin fitsari daga taurin nan ya fito. Zuciya mai laushi tana jure ƙarin lita ɗaya ko ragin lita ɗaya ba tare da an ji ba. Mai tauri tazararta 'yar siririya ce. Ruwa ya ɗan ƙaru, matsi ya tashi, huhu ya cika. Ruwa ya ɗan ragu fiye da kima, ɗakin da tun asali ba ya cika sai da turi ya rasa abin da zai tura shi, jinin da ke fita ya ragu, ta miƙe tsaye jiri ya ɗebe ta, ƙoda ta ji ƙishi lambarta ta hau. Adadin maganin fitsari irin su furosemide da ya dace ranar da ƙafafu ke kumbure ya kan yi yawa bayan sati biyu da kumburin ya sauka, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a bar mutum a kan adadin farko wata da watanni. Amma kada ki tsayar da shi da kanki, domin cunkoson ruwa shi ma yana iya ɗaga lambar ƙoda, kuma sai an duba jijiyar wuya da huhu da ƙafafu ake bambance su.

Abin da zai taimaki likita ya gano tazarar shi ne sikeli da littafi. Kowace safiya, bayan ta yi fitsari, kafin ta ci komai, da kaya masu nauyi iri ɗaya, a auna ta a rubuta. A ce nauyin da take jin daɗi a kai, babu kumburi babu jiri, kilo 86 ne. Idan kika ga 86.5, 87.3, 88.2 cikin kwana uku, ruwa ne, kitse ba ya taruwa da wannan saurin; ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 dalili ne na kiran likita tun kafin haki ya tsananta. Idan kuma ya sauka 84, bakinta na bushewa, awon jininta na sama yana faɗuwa da 20 ko fiye idan ta tashi tsaye, an wuce gona da iri, ragi ake nema. Ranar da take gudawa ko amai ko ta kasa cin abinci, a tuntuɓi likita a ranar, domin a irin wannan lokaci ne ƙoda ke samun rauni. Ki kuma binciki jakar magungunanta. Tsofaffi da ciwon gwiwa ba a raba su, kuma ibuprofen da diclofenac suna riƙe gishiri da ruwa, suna kuma taɓa ƙoda. Maganin suga mai suna pioglitazone shi ma yana tara ruwa. Sau da yawa na ga kumburin da aka yi ta ƙara wa maganin fitsari, ashe maganin gwiwa ne ke kawo shi.

Daga 2021 al'amarin ya ɗan sauya. Gwajin EMPEROR-Preserved, mai mutane kusan 6,000, ya nuna empagliflozin ya rage haɗarin kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ko mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 21 cikin 100. A 2022 dapagliflozin ya nuna ragin kashi 18. Asalinsu magungunan suga ne da ke sa ƙoda ta zubar da suga da gishiri ta fitsari, amma suna aiki ko mutum ba shi da suga, miligiram 10 sau ɗaya a rana. Gaskiyar magana, ribar tasu mafi yawa a rage kwanciya asibiti take, ba a nuna ƙarara cewa suna tsawaita rai ba. Duk da haka, ga mai suga da ƙoda mai rauni kamar Mama, shi ne abu na farko da zan tambayi likitanta a kai, in dai ƙarfin ƙodar bai yi ƙasa sosai ba. Idan aka fara, a kan rage furosemide don kada jirin ya dawo, lambar ƙoda kan ɗan motsa a makonnin farko sannan ta daidaita, ana samun ƙaiƙayin gaba saboda sugan da ke cikin fitsari, kuma ana dakatar da shi kwana uku kafin tiyata ko lokacin rashin lafiya mai hana ci da sha. Wani maganin mai suna finerenone a 2024 ya nuna ragin kashi 16, amma shi da spironolactone suna ɗaga sinadarin fotasiyam, don haka sai da gwajin jini bayan sati ɗaya da kuma bayan wata ɗaya. Ga masu ƙiba, allurar semaglutide a gwajin 2023 ta rage nauyi da kusan kashi 13 cikin 100 a shekara, hakin ya ragu, tafiyar ta ƙaru. Tafiyar ƙafa ta yau da kullum, gwargwadon abin da za ta iya ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, tana cikin 'yan abubuwan da aka tabbatar suna ƙara juriya a wannan ciwo, domin tana gyara tsokar ƙafafun da magani ba ya kaiwa gare ta.

Akwai cuta guda da ke ɓuya a ƙarƙashin wannan suna wadda nake so a cire ta daga zargi, domin maganinta daban ne. Wani furotin da hanta ke yi, transthyretin, yana iya lanƙwashewa ya riƙa taruwa a bangon zuciya, ana kiran abin amiloid. Wani bincike a Sifen a 2015 ya same shi a kusan 13 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 da aka kwantar da HFpEF kuma bangon zuciyarsu ya yi kauri. Alamun da ke sa in yi zarginsa: yatsun hannu biyu suna dindiris ko an taɓa yi wa wuyan hannu aiki saboda haka, hawan jinin da aka yi shekaru ana fama da shi ya sauka da kansa har magungunan da ta saba sha suka fara kayar da ita, ko bango ya yi kauri a hoto amma layukan ECG suka fito ƙanana. Ana gano shi da gwajin jini da fitsari tare da wani hoto na musamman, kuma tun 2018 aka nuna tafamidis yana rage mutuwa a masu shi. Tunda Mama ta fara jiri, ki ambata wa likita wannan, tare da roƙon a duba yawan jininta da ƙofar babbar jijiyar zuciya, wadda kan tsuke a tsufa ta ba da alamu iri ɗaya.

Ranar komawa asibiti ki tafi da littafin nauyin, da awon jininta a zaune da a tsaye na 'yan kwanaki, da duk kwalayen magungunan da take sha har da waɗanda ba likita ya rubuta ba. Idan kuwa ta fara haki tana zaune, ko ta farka da dare tana neman iska ta kasa komawa kwance, ko ta suma, ko ƙirjinta ya riƙe, kada ki jira ranar da aka ba ku, a kai ta sashen gaggawa a lokacin, kuma a zaune za a ɗauke ta, kada a kwantar da ita.